Yana zarra a aji, yana ganganci a kan babur

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 16, kuma yana cikin masu ƙoƙari a ajinsu. In muka zauna yakan lissafa mini haɗarin gudu da babur fiye da yadda zan faɗa masa. Amma da ya haɗu da abokansa sai ya ɗauki babur ɗin babansa ya shiga wasan ganganci a wajen ɗaurin aure. Raini ne, ko wani abu ke damun ƙwaƙwalwarsa?

Amsa: Hajiya, ba ƙarya yake miki ba in yana wannan bayani. Ya san haɗarin da gaske. Abin da bai gama ginuwa ba shi ne birkin da zai tsayar da shi a daidai lokacin da jini ya ɗau zafi.

Tun yaro yana ɗan shekara shida ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari na girmanta, saboda haka aikin da ya rage na gyaran ciki ne. A yarinta ƙwayoyin jijiya suna ƙulla mahaɗai da junansu fiye da yadda ake bukata. Daga baya sai a shiga ragewa, kamar yadda manomi ke cire tsiron gero in ya cunkushe a rami ɗaya ya bar masu ƙarfi. Mahaɗar da ake yawan aiki da ita ta zauna, wadda aka yi watsi da ita ta tafi. Tare da wannan kuma ana naɗe dogayen zaruruwan jijiya da wani farin kitse mai suna mayelin, tamkar robar da ke jikin wayar lantarki. Zaren da ba shi da wannan rufi saƙo na tafiya a cikinsa kimanin mita ɗaya a daƙiƙa, mai kauri da aka naɗe kuwa yana iya kaiwa mita 100.

Aikin nan ba lokaci ɗaya yake kammala ko'ina ba. Sassan gani da ji da motsi su ke riga nuna. Sashen da ke bayan goshi, mai kula da tsara abu, auna sakamako da danne zuciya, yana cikin na ƙarshe, gyaransa na ci gaba har bayan shekara 20. Za ki ji ana cewa "sai 25", amma ba wata rana ce da ake kunna makunni ba, kuma mutum da mutum sun bambanta. Shi kuwa sashen jin daɗin lada, wanda ke aiki da sinadarin dofamin, balaga na zuwa yake ƙara kaifi. Ga hannu ya iya tuƙi, ga zuciya na son a tafa mata, mai tsawatarwa kuma bai gama shiri ba.

Batun abokai shi ya fi jan hankalina a tambayarki. A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg a Amurka sun sa mutane wasan tuƙi a kwamfuta, inda fitila ke komawa ruwan ɗorawa, mutum ya zaɓi tsayawa ko ci gaba don ƙarin maki. 'Yan shekara 13 zuwa 16 sun ninka kasadarsu da aka sa tsararrakinsu a gefe, manya kuwa kusan ba su canja ba. Wani binciken na 2011 da aka yi da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ko abokan suna wani ɗaki ne, sanin cewa suna kallo kaɗai yana zaburar da sashen lada. Ke nan ba sai an zuga shi ba. A ɗakinki, cikin natsuwa, tunanin ɗan 16 bai cika bambanta da na babba ba. A bakin titi, ana ihu ana ɗaukar bidiyo, lissafin daban ne.

Shi ya sa ƙarin wa'azi kan haɗari ba ya yin tasirin da iyaye ke zato, don abin da ya riga ya sani ake maimaita masa. A ganina makullin babur ya fi nasiha aiki: ya zauna a aljihun babansa, musamman ranakun biki da dare. Ku yanke ƙa'ida tare da shi tun hankali na kwance, har da abin da zai ce wa abokai in sun matsa, ko da "Baba ya tafi da makulli" ne. Ki lura da barcinsa ma. Ɗan wannan shekaru na bukatar awa 8 zuwa 10, kuma rashin barci birkin nan yake fara raunanawa. Wannan bayani dai bai ɗauke masa laifi ba, in ya karya ƙa'ida a hukunta shi yadda aka yi alkawari.

Abin da zai sa in ce ku zo asibiti daban ne: in karatunsa ya faɗi farat ɗaya, ko ya daina shiga mutane na tsawon makonni, ko yana kwana biyu uku ba barci kuma ba gajiya, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko yana maganar mutuwa. Haka in kin ga kwalin tiramadol ko kwalbar maganin tari mai kodin a kayansa, ko harshensa na nauyi in ya dawo gida. Waɗannan a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa cikin makon, maganar kashe kai kuwa a ranar.