Yadda za ka tura wa kowane manomi sanarwar amfanin gonarsa kaɗai

Tambaya: Malam, muna da manhajar farashin amfanin gona a Android. Duk sanarwar da muka tura kowa take samu, har manoma sun fara kashe ta. Yaya za mu yi?

Amsa: Idan da Firebase Cloud Messaging kuke aiki, tsarin maudu'i zai raba ku da wannan. Wayar manomi ce ke yin rajista da sunan maudu'i, ku kuma sai ku aika saƙo ɗaya zuwa wannan suna, duk wayar da ke cikinsa ta samu.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen raba maudu'an. Yawanci ana buɗe na amfanin gona daban, na kasuwa daban, sannan a haɗa su da sharaɗi lokacin aikawa:

```
'masara' in topics && 'kasuwa_7' in topics
```

A ido ya yi daidai. To amma ɗauki manomin da ke kai masara kasuwa ta 3, gyaɗa kuma kasuwa ta 7. Ya shiga maudu'i huɗu ke nan. Ranar da kuka tura farashin masara na kasuwa ta 7, shi ma wayarsa za ta yi ƙara, domin ya cika sharuɗɗan biyu, alhali bai taɓa kai ko buhu ɗaya na masara can ba. Ga shi kuma sharaɗi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da maudu'i biyar.

Ni a ganina gara ku haɗe amfanin da kasuwar a suna guda:

```
FirebaseMessaging.getInstance()
    .subscribeToTopic("masara_k3");
```

Manomin nan zai shiga `masara_k3` da `gyada_k7`, shi ke nan. Kada yawan sunayen ya tsorata ku, manhaja a waya ɗaya tana iya shiga har maudu'i 2,000. Sai dai ku lura, sunan maudu'i ba ya karɓar ƙ, ɗ, ɓ ko tazara, shi ya sa na rubuta `gyada` a nan. A allon manomi kuwa ku rubuta gyaɗa yadda take.

Rajistar tana manne da manhajar da ke cikin wayar ne, ba da mutumin ba. Idan ya sauya waya, ko ya goge manhajar ya sake saukewa, sanarwa za ta ɗauke ɗif. Don haka ku ajiye zaɓinsa a sabarku, da ya sake shigowa ku mayar masa. Haka kuma idan ya cire amfani daga jerinsa, ku kira `unsubscribeFromTopic` nan take, in ba haka ba labarin abin da ya daina nomawa zai ci gaba da zuwa.

Ku rage wa saƙon wa'adi ma. Idan ba ku saita `ttl` ba, ana iya riƙe saƙo har mako huɗu ana jiran wayar ta hau layi, sai manomi ya kunna data ya tarar da tsohon farashi ya ɗauka na yau ne. Sa'o'i kaɗan sun isa.

Kuma kada ku tura bayanin bashi ko na asusun wani ta maudu'i, domin duk manhajar da ta san sunan tana iya shiga. Irin wannan saƙo kai tsaye ake tura shi zuwa wayar mai shi.