Zakkar kayan shago: da wane farashi zan yi lissafi, kuma a ina zan rubuta ta a littafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari, sari nake bayarwa, kuma duk Ramadan nake fitar da zakka. Yaron da ke min lissafi a kwamfuta yana ɗaukar kuɗin da muka sayo kayan ne ya cire mana zakka, sannan ya rubuta ta cikin kuɗin da shago ya kashe tare da haya da kuɗin wuta. Wani ya ce min duka biyun kuskure ne. Don Allah a warware min.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah Ya ƙara buɗi. Wanda ya faɗa maka ya yi gaskiya a duka biyun, amma gyaran ba mai wahala ba ne.

Irin kasuwancinka shi malaman Malikiyya suke kira mudiri, wato mai juya kaya, ka saro ka sayar ka sake sarowa ba ka zaman jiran farashi ya tashi. Shi mudiri rana ɗaya yake tsayarwa a shekara ya yi wa duk kayan sayarwan da ke hannunsa ƙima da farashin wannan ranar, ba da farashin da ya sayo ba. Ɗayan shi ne muhtakiri, mai sayen masara ko wake lokacin kaka ya zuba a sito sai ta yi tsada, shi a Malikiyya sai ya sayar sannan ya fitar da zakkar shekara ɗaya, wannan ba naka ba ne, mu ajiye shi gefe. Farashin da za ka ɗauka kuwa shi ne wanda kai kake sayarwa da shi a zahiri, tunda sari kake bayarwa to farashin sari, ba na mai yanka yadi yana sayar wa ɗaiɗaiku ba.

Abin da ya rikita yaron naka ba jahilci ba ne. A makaranta an koya masa cewa a littafin kasuwanci ana rubuta kaya da kuɗin da aka sayo su, idan kuma darajarsu ta faɗi ƙasa da haka a sauko da su, amma in ta tashi ba a ɗaga ta sai an sayar. Wannan ƙa'ida daidai take a wurinta don kada ɗan kasuwa ya ƙirga ribar da bai kama ba. Ita zakka ba ruwanta da riba, dukiyar da ke hannunka ranar take kallo. Saboda haka kada ya taɓa lambar kaya da ke cikin littafi, ya buɗe shafi daban na zakka kawai.

Bari mu ɗauki misali da lambobi, kai sai ka sa naka. A ce ranar 1 ga Ramadan kun rufe shago da sito kun ƙirga. Atamfa turmi 600, kun sayo kowanne N14,000, yau sarinsa N17,000, ƙimarta ta kama N10,200,000. Shadda guda 200, an sayo N38,000 yau tana N42,000, wato N8,400,000. Sai wani leshi guda 100 da yayinsa ya wuce yana can ƙasan kanta ya yi ƙura, kun sayo shi N25,000 amma yau in aka taya N15,000 sallamawa za ka yi da sauri, to N1,500,000 za a rubuta masa. Kwantai ba ya fitar da kaya daga zakka a mashahurin zancen mazhaba, sai dai ana yi masa ƙima da abin da zai iya kawowa yau, ka ga ke nan farashin yau wani wurin ya ƙara maka wani wurin ya rage maka. Jimlar kaya N20,100,000, alhali a littafin saye N18,500,000 ne.

Wajen ƙirgar nan a kula da abu biyu da ake yawan tuntuɓe a kansu. Dilar da ka riga ka biya ta zama taka amma tana kan hanya daga Legas, taka ce a saka ta. Kayan da wani ya ajiye maka ka sayar masa ka ci la'ada kuwa ba naka ba ne ko da sun cika maka shago. Kanta, janareto, fanka, motar ɗaukar kaya da shi kansa shagon ba a yi musu ƙima tunda ba don sayarwa aka ajiye su ba.

Sai kuɗi, na durowa da na banki da na POS duka, a ce N3,400,000. Sai bashin da kake bin kwastomomi na kayan da suka ɗauka, a ce littafin bashi ya nuna N4,000,000. A nan dole kai da kanka ka zauna da littafin suna bayan suna, yaro ba zai iya maka wannan ba, kai ka san wanda yake turo kuɗi duk sati da wanda ya kashe waya tun bara. Wanda kake sa ran zai biya a haɗa, wanda ka fid da rai a ajiye shi sai ranar da Allah Ya sa ya shigo hannu. A ce N700,000 na matattun basussuka ne, saura N3,300,000. Ka tara kaya da kuɗi da bashi mai rai ka samu N26,800,000.

Yanzu bashin da ake binka, a ce dila yana binka N5,200,000 na kayan da ka ɗauka. In aka cire saura N21,600,000, wannan ya wuce nisabi nesa ba kusa ba, nisabin shi ne dinari 20 na zinare wanda ake kimantawa da giram 85, ka tambayi farashin giram a ranar ka ninka. Zakka ɗaya bisa arba'in ce, kashi 2.5 cikin ɗari, ta kama N540,000. Da lissafin yaronka aka bi N500,000 za ta fito, N40,000 na talakawa ya maƙale a shago ba da niyya ba, kuma a shekarar da kaya suka yi tashin gwauron zabi gibin ya kan fi haka sosai.

Akwai wata gaɓa a kan cire bashin da mutane da yawa ba su sani ba kuma ba na son in wuce ta. A Malikiyya ba kai tsaye ake cire bashi daga dukiyar zakka ba. In kana da wata kadara da ba a fitar mata da zakka, wadda ta shekara a hannunka kuma irin wadda alƙali zai iya sayarwa a biya masu bin bashi, kamar fili da ka ajiye ba na sayarwa ba ko gidan haya, to ana jingina bashin a kanta ne, kai kuma ka fitar da zakkar dukiyar kasuwancin cikakkiya. A misalinmu in kadarar ta kai N5,200,000 zakkar za ta koma kan N26,800,000, wato N670,000. Wasu malaman suna cire bashin da lokacin biyansa ya yi ba tare da duba kadara ba. Ka zauna da malaminka ku tsayar da ɗaya, a rubuta a saman shafin zakkar, kuma kada ya zama kowace shekara ana zaɓar wadda ta fi sauƙi.

To batun rubutawa. Zakka a kanka take kai Alhaji, ba a kan shago ba, shagon da ba kamfani ba ba shi da wani wuya daban da naka. Haya da wuta da kuɗin dako kuɗi ne da aka kashe don a samo ciniki, ita kuwa zakka ibada ce da mai dukiya yake ɗiba daga dukiyarsa, don haka gurbinta shi ne inda ake rubuta abin da maigida ya ɗiba daga jari. In aka cusa ta cikin kashe-kashen shago ribar shekara za ta fito ƙasa da gaskiyarta, kuma in akwai yaron shago da kuke raba riba da shi kashi-kashi to ka sa ya biya maka wani ɓangare na zakkarka bai sani ba.

Ranar da shekara ta cika ake rubutawa, ba ranar da aka raba ba, domin tun daga ranar kuɗin ya zama bashi a wuyanka. Ya buɗe asusu a ɓangaren basussukan da za a biya nan kusa, ya shigar kamar haka:

```
Dr  Drawings        540,000
Cr  Zakat Payable   540,000
```

Layin farko yana cewa jarinka ya ragu da wannan adadin, na biyu yana cewa akwai haƙƙin mutane a ajiye. Duk ranar da aka ba wani sai a rage, misali ka raba N300,000 a satin farko:

```
Dr  Zakat Payable   300,000
Cr  Bank            300,000
```

Saura N240,000 yana nan tsaye a littafi yana kallonka. Amfanin asusun ke nan, saboda yadda aka saba shi ne a ba wannan dubu ashirin a ba wancan dubu hamsin a bakin shago, sallah ta zo ta wuce babu wanda ya san ko an cika ko ba a cika ba. Asusun ya kamata ya koma sifili da wuri, jinkirta zakka ba tare da uzuri ba bai halatta ba. In ka ga ya ƙetara shekara da saura to an ci haƙƙi, a biya nan take. In kuma ya zarce ya koma ɗaya gefen, ko dai sadakar yau da gobe ake zubawa a ciki, ko an ba wani kafin lokaci ba a rubuta dalili ba. Kuɗi za ka bayar, a Malikiyya ƙimar kayan ake fitarwa zakka, kada a kwashi leshin nan da ya yi kwantai a raba a ce an fita.

In nan gaba ka yi rajistar kamfani da masu hannun jari abin zai ɗan canza. Ƙa'idojin hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda take tsara lissafin cibiyoyin kuɗi na Musulunci, sun bambance hali biyu. In doka ko tsarin kamfanin ya ɗora wa kamfanin kansa fitar da zakka, sai a rubuta ta a matsayin kuɗin da kamfani ya kashe. In kuwa wakilci kawai yake yi wa masu hannun jari, daga rabon ribar kowa ake cirewa. Haka in kun fi son ku haɗa zakka da rufe littafi a 31 ga Disamba, shekarar bature ta fi ta Hijira da kusan kwana 11, shi ya sa ake amfani da kashi 2.577 maimakon 2.5. Kai da ka riga ka tsayar da Ramadan ka zauna a kan 2.5 ɗinka, sai dai a tsayar da rana guda sananniya a cikin watan, a yi ƙirgar kaya a wannan ranar ko da ba ta dace da ƙarshen wata a kwamfutar yaron ba.

Na shekarun baya da aka yi da farashin saye, ku duba tsofaffin littattafai ku kimanta bambancin iya ƙoƙarinku, a shigar da shi cikin wannan asusun a biya tare da na bana. Wallahu a'alam.