Wayata ta kasa gane waƙa a shago

"A wani shago kusa da kasuwar Dole ta Damagaram na ji waƙa, na kunna Shazam, manhajar gane waƙa, ta ce ba ta samu ba. Ina mafita?"

Malam, Shazam zanen sauti take ɗauka na 'yan daƙiƙu ta gwada da na rumbunta, ƙarar janareta da cinikin mutane kuwa suna binne shi. Matsa jikin lasifikar, ka juya ƙasan wayar wajenta, nan makirfo yake, kada tafin hannunka ya toshe shi. Jira amshi, ko inda kiɗa ya fito sosai.

In ta ƙi har sau uku, ina zaton waƙar ce babu a rumbun. Da yawa cikin waƙoƙin mawaƙanmu na Damagaram a katin memori kawai suke yawo. Riƙe baiti ɗaya ka rubuta a YouTube, ko ka roƙi mai shago ya duba maka sunan a wayarsa.