Yadda ake haɗa kason samu da kason tsarki a haɗi mai matakai uku

“Na fara da giram 7.8 na benzin, na bi ta naitrobenzin da anilin zuwa asetanilid. Matakan sun ba da kashi 80, 75 da 60 cikin ɗari, na auna giram 5.4 mai tsarkin kashi 90. Matsakaicin da na ɗauka ya ba ni kusan 72, amma amsar malami 36 ce. Ina kuskuren?”

Kuskuren yana wajen ɗaukar matsakaici, domin kowane mataki yana aiki ne da abin da na baya ya bari, saboda haka ninkawa ake yi: 0.80 × 0.75 × 0.60 = 0.36.

Ka gwada ta hanyar mol. Nauyin mol ɗaya na benzin giram 78 ne, ke nan kana da mol 0.10, kuma tun da kowane mataki ɗaya bisa ɗaya yake tafiya, iyakar abin da za ka iya samu shi ne mol 0.10 na asetanilid, wato giram 13.5. A cikin giram 5.4 da ka auna, kashi 90 ne kaɗai asetanilid, wato giram 4.86, wanda idan ka raba shi da 13.5 zai ba ka 0.36.

Da ka manta da tsarkin, 40 za ka samu, kuma a ganina wannan ya fi haɗari, don amsar tana kama da daidai. Danshin da ya rage a garin asetanilid ɗin ma yana ƙara nauyi. Idan samfurinka ya narke ƙasa da digiri 114 na ma'aunin Salshiyos, inda tsantsar asetanilid ke narkewa, ka nuna wa mai kula da ɗakin gwaji kafin ka amince da alƙaluman tsarkin.