Takardar amincewa da ƙaramar tiyata: abin da ke cikinta da aikin tafinta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ban daɗe da fara aikin tafinta a ƙasar da nake zaune ba. Mako mai zuwa an ba ni aiki tare da wata dattijuwa da za a cire wa kullutu a kafaɗa, kuma an ce akwai takardar amincewa da za ta sa wa hannu, ni ma zan sa. Me takardar ta ƙunsa, me ya wajaba in tabbatar ta ji, kuma ina iyakata?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amincewar da doka da likitanci suke nufi tana faruwa ne a cikin hirar likita da majinyaci, takardar kuwa shaida ce cewa an yi hirar kuma an fahimci juna. A Jamus, alal misali, doka ta ce dole a yi bayanin baki da baki, takarda ƙari ce kawai. A Birtaniya kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Montgomery a 2015 cewa likita zai faɗi duk haɗarin da majinyacin da ke gabansa zai ɗauka da muhimmanci. Tunda Hajiya ba ta jin harshen likitan, wannan hira gaba ɗaya ta bakinka za ta bi.

Mu ɗauka kullutun nata irin na kitse ne, mai taushi, wanda ke motsi a ƙarƙashin fata, domin shi aka fi cirewa ta wannan hanya. Idan aka juya takardar zuwa Hausar da kowa zai gane, kusan haka za ta fito:

"Ni, wance, likita ya yi mini bayani cewa za a cire kullutun da ke kafaɗata ta dama. Za a yi mini allurar kashe zafi a wurin kawai, ina farke. Za a tsaga fata, a fitar da kullutun, a ɗinke, sannan a kai shi ɗakin gwaji a duba. An gaya mini amfanin aikin. An gaya mini abin da zai iya biyo baya: zubar jini, ƙwayoyin cuta a miki, tabo, mutuwar jin fata a kewayen wurin, taruwar ruwa a inda aka cire, da yiwuwar kullutun ya dawo. An gaya mini cewa ina iya barinsa ba a taɓa ba, da abin da hakan zai haifar. Na yi tambayoyina an amsa. Na san ina da ikon fasawa ko da na sa hannu. Na yarda a yi."

A ƙasan wannan akwai wurin sa hannun likita da nata, sau da yawa da na tafinta. Naka yana nufin abu guda, wato ka isar da bayanin iyakar iyawarka ta hanyar da kake ganin ta gane. Ba ka ɗauki nauyin sakamakon aikin ba. Sa hannunta ita ma bai hana ta kai ƙara idan aka yi sakaci.

Yanzu wuraren da aka fi tuntuɓe. Na farko sunan abin da kansa. Likita zai iya amfani da kalmar da muke fassarawa da "ƙari", kuma dattawa da yawa da sun ji "ƙari" tare da "ɗakin gwaji" sai zuciya ta tafi ga ciwon daji. Wasu sukan yi shiru da wannan fargaba har su koma gida. Kada ka kwantar mata da hankali da "ai ba komai ba ne" daga kanka. Ce wa likita: "Kalmar nan a Hausa tana iya nufin daji, ko za ka fayyace mata abin da kake zato?" Shi zai ce yana ganin kitse ne marar illa, kuma gwajin don tabbatarwa ne. Ka kawo mata wannan yadda ya faɗa, har da "yana ganin", domin tabbaci sai sakamako ya fito.

Na biyu allura. "Allurar barci" da "allurar kashe zafi" abubuwa biyu ne daban, amma a baki mutane kan haɗa su. A irin wannan aiki yawanci lidokain ake yi a kewayen kullutun. Tana da raɗaɗi na ɗan daƙiƙoƙi lokacin shigarta, cikin 'yan mintoci wurin ya mutu, kuma yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu kafin ji ya dawo, ko fiye idan an haɗa da adirenalin. Hajiya za ta ji ana taɓawa, ana ja, ana dannawa, amma bai kamata ta ji kaifin yanka ba. Wannan bambanci sai an faɗa mata tun kafin a fara, a kuma gaya mata cewa idan ta ji zafi ta yi magana a ƙara allurar. Dattijuwa mai kawaici za ta iya cije leɓe ta daure har a gama, tana ganin haka aikin yake. Batun ƙin cin abinci kuma ya danganta da irin allurar. Idan ta wurin ce kawai, galibi ana ci ana sha kamar kullum. Idan za a sa ta barci, ƙa'idar da aka saba ita ce awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa. Ka tambayi likita wanne ne nata, kada ka yi hasashe.

Inda nake so ka fi tsayawa shi ne tabo. A takarda kalma ɗaya ce, tafinta kan wuce ta da sauri, alhali ga mai baƙar fata tana da nauyi. Akwai irin tabon da ke tasowa ya yi tudu, ya yi tauri da ƙaiƙayi, ya wuce iyakar inda aka yanka, wanda likitoci ke kira keloid. Ya fi yawa ga masu duhun fata, kuma wuraren da ya fi so su ne ƙirji, kafaɗa, saman baya da fatar kunne. Ka ga aikin Hajiya ya faɗa daidai ɗaya daga cikinsu. Idan likita ya tambaya ko tana da irin wannan tabo, kada ka tsaya ga kalmar kawai, ka siffanta mata: "Akwai wurin da kika taɓa jin ciwo, ko hujin kunne, ko wani ɗinki, da ya warke ya bar tudu mai tauri?" Idan ta ce akwai, lissafin ya canja. Kullutun da ba ya ciwo, ba ya girma, wataƙila barinsa ya fi musanya shi da tabo mai ƙaiƙayi, kuma wannan zaɓi ne da ita za ta yi bayan ta ji ra'ayin likita. Shi ya sa layin da ke cewa "ina iya barinsa" bai kamata ya wuce a gurguje ba.

Idan likita ya kawo lissafin haɗari, ka kawo shi da adadinsa. In ya ce mutum 2 cikin 100, ka ce "cikin mutum ɗari da aka yi wa, biyu ne ke samun haka". "Ba kasafai ba" ko "da wuya" fassararka ce, ta sauke nauyin maganarsa. Addu'a kuma idan ta fito daga bakinta ka fassara ta kamar sauran maganarta, amma kada ka sa "in sha Allahu lafiya" a madadin haɗarin da likita ya ambata.

Sai tambayoyin da za a yi mata, waɗanda amsarsu ke kare ta. Ko tana shan maganin da ke tsinka jini, irin su asfirin, warfarin ko kulofidogirel, domin suna ƙara zubar jini. A nan akwai kuskure mai haɗari: mutum ya ji an ambaci maganin sai ya daina sha da kansa, alhali an ba shi ne don hana shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya. Ka tabbatar ta ji umarnin a fili, ta ci gaba ko ta dakata, da kwana nawa. Za a tambayi ciwon suga, saboda miki kan yi jinkirin warkewa, da sikila, da na'urar bugun zuciya da ake dasawa a ƙirji, saboda ana amfani da lantarki wajen tsayar da jini. Za a tambayi abin da jikinta ba ya karɓa, kamar filasta, aidin, safar roba ko wani magani. Idan an ce "magunguna", ka faɗa cewa har da na gargajiya da na ƙarin lafiya, domin mutane da yawa ba sa lissafa su. Mafi sauƙi ta zo da kwalayen duka.

Wasu takardun suna da ƙananan gurabe a ƙarshe: izinin ɗaukar hoton wurin, izinin ɗalibai su kalla, izinin ajiye naman da aka cire don bincike. Kowanne zaɓi ne mai zaman kansa, tana iya yarda da aikin ta ƙi su, kuma ƙin ba zai shafi kulawar da za a yi mata ba. Ka karanta su ɗaya bayan ɗaya.

Game da iyakarka. Kafin a fara, ka gabatar da kanka ga duka biyun, ka ce duk abin da aka faɗa a ɗakin za ka fassara, kuma sirri ne. Ka yi magana da bakin mai magana: idan ta ce "ina jin tsoro", ka ce "ina jin tsoro". Idan ta juyo ta ce, "Ɗana, kai me ka gani, in yarda?", kada ka ba da ra'ayi. Ka ce, "Hajiya, wannan sai likita, bari in tambayar miki," sannan ka gaya wa likitan abin da ta tambaya. Idan ɗanta ko mijinta ya rako ta yana amsawa a madadinta, ka fassara maganarsa a matsayin tasa, ka bar likita ya nemi tata. Babban mutum mai hankalinsa shi ke amincewa da kansa, ba wanda zai sa masa hannu. Idan ba ta rubutu, ma'aikatan za su nuna yadda za ta yi alama a gaban shaida.

Ka kuma kula da "to". A bakin dattijuwa "to" na iya nufin na yarda, ko na ji, ko ladabi kawai. Tambayar "kin gane?" ba ta raba su. Abin da ke raba su shi ne likita ya ce ta maimaita da kalmominta: me za a yi, a wace kafaɗa, me zai iya faruwa. Ta nuna wurin da hannunta, ka duba ko ya dace da dama ko hagun da aka rubuta. Idan ka ga ba ta gane ba, ko ana gaggawa, ko ita Hausarta ta bambanta da taka har wasu kalmomi na kuɓucewa, ka faɗa a fili kafin ka sa hannu. Aikin da ba na gaggawa ba ana iya ɗage shi.

Kada ka tafi da an gama sa hannu idan akwai halin tsayawa, domin bayanin gida shi ma yana buƙatarka. Ta ji tsawon lokacin da za ta bar wurin a bushe, yawanci kwana 1 zuwa 2, da ko zaren mai narkewa ne ko sai an cire. Na kafaɗa da baya yakan kai kwana 10 zuwa 14, kuma a wannan tsakanin ta guji ɗaga kaya mai nauyi don kada ɗinkin ya buɗe. Idan jini ya ɓullo, ta danne wurin da tsumma mai tsabta na minti 10 zuwa 15 ba ɗagawa. Idan bai tsaya ba, ko zafi da kumburi suna ƙaruwa bayan kwana biyu ko uku, ko mugunya ta fito, ko zazzaɓi ya zo, ta kira asibiti. A fata mai duhu jan da ake cewa a duba ba ya fitowa sosai, don haka ta fi lura da ɗumin wurin da taurinsa. Ka sa a rubuta mata lambar da za ta kira, da ranar cire zare, da yadda sakamakon gwajin zai iso gare ta, a kuma rubuta a fayil ɗinta cewa tana buƙatar tafintan Hausa ranar da za ta dawo.