Sitirif ɗin gwajin suga da aka buɗe ya daɗe

"Na buɗe kwalbar sitirif wata bakwai kenan, kwanan da ke jikinta bai wuce ba, amma injin sugana sai lambobi yake ba ni barkatai. In ci gaba da su?"

A'a ɗan'uwa, dakata tukun. Wancan kwanan na kwalbar da ba a buɗe ba ne, da zarar ka buɗe wasu kamfanonin wata 3 zuwa 6 kawai suke bayarwa, duba takardar cikin kwalin. Gwada su da ruwan kwantirol na kamfanin injinka, wato ruwan da ake gwada ingancin sitirif da shi: girgiza shi, zubar da ɗigon farko, ɗiga na biyu a wuri mai tsafta ka taɓa bakin sitirif kamar yadda kake yi da jini, sai ka kwatanta lambar da iyakar lambobin da aka buga a jikin kwalbar sitirif ɗin. In ta fita waje ka sake da wani, in ta kuma to zubar da su kawai. Shi ma ruwan yawanci wata 3 yake yi bayan buɗewa.

Ni nawa a banɗaki na bar su murfin bai rufu sosai ba, laima ta shiga, kwalba ta ce 96 zuwa 130 inji ya ba ni 158, wallahi saura kaɗan in ƙara magani a banza. Yanzu ina zaro ɗaya nake rufewa, nesa da zafi da danshi, kuma ina rubuta ranar buɗewa a jiki.