Buhu ɗaya, bulo nawa?

"Maigida, jiya wani ya tambaye ni bulo nawa muke fitarwa a buhun siminti, na ce 25. Ya yi dariya, wai a wajen wasu har 40 ake bugawa. To wanne ne daidai, kuma yaya ake lissafinsa daga kwaɓin?"

Jawo bulon nan ka zauna. Abu na farko da za ka riƙe shi ne, ba siminti ne ke ba ka yawan bulo ba, yashi ne. Siminti gari ne mai laushi, idan ka juya shi da yashi sai ya shige cikin ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashin, tulin ba ya ƙaruwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Aikinsa ya riƙe yashin. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana fitar da 40 a buhu, ba wata dabara ya fi mu ba. Yashi ya ƙara, simintin kuma bai ƙaru ba.

Mu fara da awo. Buhun siminti kilo 50 ne, idan ka zazzage shi zai ba ka wajen lita 35, wato kwanon sarki biyu a shafe. Baron da muke aiki da shi a nan yana cin kwano huɗu idan an shafe bakinsa, ka ga lita 70 ke nan, daidai da buhu biyu. In injiniya ya rubuta maka 1:6, yana nufin awo ɗaya na siminti, awo 6 na yashi, da mazubi iri ɗaya. Tunda buhu kwano 2 ne, yashinsa kwano 12 ke nan, ko baro 3. In ya ce 1:8, baro 4. In 1:10 ne, baro 5. Ka raba lambar nan ta biyu gida biyu, ka sami yawan baro.

Sai kuma abin da bulo guda yake ci. Mai inci 9 tsawonsa milimita 450 ne, faɗi 225, tsayi 225. Da a ce ba shi da rami, da zai ci kusan lita 23. Amma yana da ramuka biyu, kuma a ƙarfen da muke bugawa da shi kaurin bangon bulon wajen milimita 40 ne, ramukan sun cinye kusan lita 11. Abin da ya rage, jikin bulon kansa, lita 12 ne. To a nan yara da yawa suke ɓata lissafi, sai su raba yashin da 12. Ba haka ba ne. Yashin da ke cikin baro a sake yake, injin kuwa girgiza shi yake yi ya danne. Ka sha gani da idonka, ka cika ƙarfen har baki, injin na tashi sai kwaɓin ya nutse, ka ƙara shebur. Don haka bulon da jikinsa lita 12 ne yana cin wajen lita 14 na sakakken yashi.

Baro lita 70, bulo lita 14. Baro ɗaya bulo 5 ke nan. Wannan shi ne abin da nake lissafi da shi a ka, ko biro ba na ɗauka. Baro 3 zai ba ka 15, wani lokaci 16 ko 17 saboda simintin yana da yawa a ciki har ya ɗan ƙara auki. Baro 4 zai ba ka 20. Namu baro 5 ne, shi ya sa ka ji 25. Mai 40 ɗin nan baro 8 yake zubawa a buhu guda, wato 1:16, ko ya sani ko bai sani ba. In ka ga irin bulon, sa babban yatsanka ka murza kusurwarsa, za ka ga yashi na zuba kamar garin kwaki. In ka ƙwanƙwasa shi da ƙarfe, maimakon ya yi ƙara ƙal, sai ka ji dum, kamar ka bugi bulon ƙasa.

Mai inci 6 hanyar ɗaya ce, sai dai ya fi ƙaramin ciki. Yana cin lita 10 da rabi ko kusa da haka, baro ɗaya na ba da 6 zuwa 7. A baro 5, ka sa ran 33.

Kada ka ɗauki bulo 5 a baro ka tafi da shi ko'ina kamar karatun allo. Na ƙarfenmu ne da baronmu. Akwai masu sa maƙeri ya buɗa ramukan ya rage kaurin bango zuwa milimita 30 ko ƙasa, bulon a ido inci 9 ne, amma ɗaga shi ka ji ba nauyi. Irin wannan zai ba da 6 a baro ba tare da an taɓa kwaɓin ba, kuma shi ma ha'inci ne, ta wata ƙofar ya shigo kawai. Duk inda ka je aiki, ko ranar da Allah ya ba ka naka wurin, abin da za ka fara yi shi ne ka auna kwano nawa baron yake ci, sannan ka yi kwaɓi ɗaya kana tsaye a kai ka ƙirga abin da ya fita. Daga nan ka san lissafin wurin.

Inda na fi son ka buɗe ido shi ne tozon baro. Leburan da ke bugu a kan yawan bulo ake biyansa, ko ba ka ce masa komai ba hannunsa zai riƙa nauyi a kan shebur. Baron da aka yi wa tozo sosai yana iya ɗaukar lita 90 maimakon 70. In ya zuba irinsa 5, ya zuba lita 450 ke nan, kwaɓin ya tashi daga 1:10 ya koma kusan 1:13, buhu ya ba da 32. In ka tambaye shi zai rantse maka baro 5 ya zuba, kuma bai yi ƙarya ba. Ni wannan ya taɓa cin kuɗina. Shekarun baya na yi tafiya ta kwana uku, na dawo na tarar da bulo ya cika fili, buhunan da aka zazzage kuma ba su kai yadda ya kamata ba. Har na fara murna a raina. Bayan mako biyu aka loda wa wani mai gini a Rigasa, kafin a gama saukewa an tara fasassu tuli guda. Sai da na canza masa su da kuɗina, kuma bai sake dawowa ba. Tun daga ranar nake ƙirga fankon buhu da yamma in gwada da bulon da ke ƙasa. In na ga buhu 10, ina neman bulo 250, ko ya ɗan haura ko ya ɗan gaza. In na ga 300, ba na murna, kiran mai kwaɓi nake yi.

Akwai kuma damina. Yashi mai ɗan danshi kumbura yake yi, ƙwayoyin ba sa kwanciya a kan juna, zai iya ƙara auki da kashi ɗaya cikin huɗu. Baro ya cika a ido, amma yashin ciki bai kai na rani ba. Shi ya sa a watan Agusta, in tifa ta kawo yashin da aka kwaso daga Kogin Kaduna yana jiƙe, za ka ga baro 5 ya ba da 21 ko 22. Ba sata aka yi ba, bulon ma ya fi ƙarfi, mu ne dai muka yi asarar siminti. A irin wannan lokaci nakan yarda a ƙara rabin baro, kuma a rage ruwan kwaɓi tunda yashin ya zo da nasa. Gwajin ruwan bai canza ba: damƙi kwaɓin a hannu, ya dunƙule ya tsaya, ruwa bai fito ta tsakanin yatsu ba.

To wane kwaɓi ne daidai? Ya danganta da abin da bulon zai ɗauka. In aikin injiniya ne, ko bene, ko bulon da zai shiga ƙasa a tushen gini inda danshi ke zama, ba na wuce baro 3 zuwa 4, bulo 15 zuwa 20, kuma in gaya wa mai shi kuɗinsa daban ne. Ginin gida na ƙasa da katanga, 25 ɗin nan da muke yi yana tsayawa, muddin yashin mai tsafta ne kuma an ba shi ruwa. Daga 30 zuwa sama ni ba na sa hannuna. Na san abin da ke jan mutane. A ce buhu naira 10,000 ne. A bulo 25, simintin kowane bulo naira 400 ne. A bulo 40, naira 250. Naira 150 a kan kowane bulo, a bulo 1,000 ka ga 150,000, shi ya sa mai 40 yake iya karya farashi ya bar ka kana kallon hanya. Mai saye da bai sani ba gani yake bulo bulo ne, sai birkila ya fara yanka shi da cokali yana ruguje masa a hannu.

Wasu za su ce maka ai simintin da aka rubuta 42.5 a buhunsa ya fi mai 32.5 ƙarfi, don haka a ƙara yashi. Gaskiya ne ya fi ƙarfi, amma shi ma kilo 50 ne, lita 35, kuma akwai iyakar yashin da garin zai iya lulluɓewa. In ya yi kaɗan, wasu ƙwayoyin ko taɓa su ba zai yi ba. Ni ban taɓa ƙara baro don lambar da ke jikin buhu ba.

Lissafin nan duk zai tashi a banza in yashin na da laka. Zuba shi a gorar ruwa zuwa rabi, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye ya kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a samansa. In lakar ta yi kauri har ta kusa kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, a mayar da tifar. Haka buhun da ya sha danshi ya yi ƙulalai, ko wanda ka ɗaga ka ji bai cika ba, ɗora shi a sikeli kafin ka ba shi baro 5. Ban ruwa kuma safe da yamma, kwana 7 a ƙalla, in hunturu ya shigo har da rana, don iskar nan tana shanye bulo kafin siminti ya gama kamawa. Cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28.

Yanzu ga aikin da ke gabanmu, ka gwada da shi. Mutumin Mando yana son mai inci 9 guda 1,000. Ba 1,000 cif za mu buga ba, akwai masu fashewa wajen ɗagawa daga katako da wajen lodi, don haka mu ce 1,050. Raba da 25, buhu 42. Kowane buhu baro 5, yashi baro 210 ke nan, lita 14,700, ka ce wa mai tifa kubik 15. Je ka ƙirgo buhunan da suka rage a sito, ka dubo min ko tulin yashin can zai kai mu jibi. Ka biya ta wajen masu kwaɓi ka ga bakin baron.